Wa Zai Kama Gwamnati Idan Ta Karya Alkawari?

'Yan'uwa ɗalibai daga Kazaure da Roni sun yi mana tambaya: tun da Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, me ya sa har yau yarinya take yawon talla a kasuwar Ɓaɓura lokacin da ya kamata tana aji? Wasu manyanmu sun ce laifin Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Mu ba mu yarda ba.

Gaskiya ne yarjejeniyar ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku. Abin da take da shi kwamiti ne na masana 18 a Janeba, wanda ake kai wa rahoto duk shekara biyar, ya karanta, ya ba da shawara. Gwamnatin da ake bincike ita ce mai rubuta rahoton! Haka ƙasashe suka tsara abin da gangan, don ba mai saƙa igiyar da za a ɗaure shi da ita.

To, amma babban cikas yana nan gida. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Wannan bai samu ba sai 2003. Da yake kuma sha'anin yara na jihohi ne, sai da kowace jiha ta yi tata. Ta Jigawa sai a Disambar 2021 aka sa mata hannu. Shekara talatin ke nan. Jaririn da aka haifa a Gwiwa ran da aka ɗauki alkawarin, kafin dokar ta iso garinsu ya zama magidanci.

Wani ya ce, ai akwai kotu. Akwai. A 2010 ƙungiyar SERAP ta yi nasara a kotun ECOWAS, inda aka hukunta cewa ilmin farko kyauta haƙƙin kowane yaro ne a Nijeriya, duk da gardamar da aka yi cewa alkawarin ilmi na Sashe na 18 ba abin kai ƙara ba ne. Sai dai wa zai zartar da hukuncin? Hukumomin ƙasar da aka kayar. An ba kura ajiyar nama.

Mu dubi dokar ilmin bai ɗaya ta 2004. Ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Mun bi dokar sashe-sashe muna neman tarar gwamnan da ya bar ƙauye ba aji ba malami, ba mu gani ba. Saboda haka duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a a masarautar Kazaure, za mu ajiye masa dokar nan a gabansa, ya nuna mana sashen.