Masu ilimin Arlit, ku daina yi wa talaka lissafin ɗebewa

Tun da aka rufe kamfanin Kominak na Akokan ranar 31 ga Maris 2021, magana ɗaya ke yawo a fadojin shan shayi na Arlit: wanda ya karɓi kuɗin sallama, ina zai sa su don kada su narke? Wani ya kai banki, wani ya sayi mota yana jigila zuwa Agadas, wani ya ba ƙanensa jari. Kowa da dabararsa, kuma ban zo in zaɓar wa kowa ba. Abin da ya dame ni shi ne lissafin da masu boko ke yi musu, cewa wai ka ɗauki ribar da ka samu, ka ɗebe hauhawar farashi, abin da ya rage shi ne ribarka ta gaskiya. Wannan lissafi gurgu ne, kuma gurguntarsa ta fi fitowa a shekarar da mutum ya fi bukatarsa.

Mu fara da abin da ba a gardama a kansa. Kuɗin ruwan da aka rubuta a takardar banki, ko ribar da ɗan kasuwa ya ƙirga a ƙarshen shekara, riba ce ta baki. Tana gaya maka yawan takardun sefa da suka ƙaru a hannunka. Riba ta gaskiya kuwa tana gaya maka buhun hatsi nawa ya ƙaru a abin da kake iya saya. Iyalinka hatsin suke ci. Har masu ɗebewa sun yarda da wannan. Inda muka rabu shi ne yadda ake tashi daga ta farko zuwa ta biyu.

A ce tsohon ma'aikaci ya ajiye sefa miliyan 1 a asusun ajiya mai ba da kashi 3.5 cikin 100 a shekara, kamar yadda aka saba a ƙasashen sefa na yammacin Afirka. A ce kuma buhun hatsi jika 25 ne ranar da ya ajiye, wato kuɗinsa buhu 40 ne cif. Sai shekara irin ta 1994 ta dawo. Dattawan Arlit ba su manta da ita ba: a watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, farashi a Nijar ya tashi da kusan kashi 36 cikin 100 a shekarar. Buhun jika 25 ya koma jika 34.

Mai ɗebewa zai ce 3.5 a cire 36, an yi hasarar kashi 32.5, wato buhu 13 sun tafi, saura 27. To mu je kasuwa mu gani. Kuɗin mutumin yanzu 1,035,000 ne. Raba su da 34,000, za ka samu buhu 30 da kusan rabi. Hasarar buhu 9 da rabi ce, kashi 23.9 cikin 100. Hasara ce mai ciwo, amma mai ɗebewa ya ƙara masa buhu uku da ɗoriya na baƙin ciki da ba su faru ba.

Ga lissafin da ya dace, inda i ke nufin ribar baki, p kuma hauhawar farashi:

```
r = (1 + i) / (1 + p) - 1
1.035 / 1.36 - 1 = -0.239
```

Dalilin rabawa ba wani sirri ba ne. Ribar da ka samu a ƙarshen shekara, da sabon farashi za ka kashe ta, ita ma tsada ta ci rabonta. Mai ɗebewa yana auna kuɗin bana da mudun bara. Shi ya sa amsarsa kullum take kumbura: idan hauhawar ta kai kashi 36, duk abin da ya faɗa ya ninka gaskiya sau 1.36, riba ce ko hasara.

Wani zai ce to ai gara a tsorata mutum ya yi hattara. Sai dai kuskuren yana cizo ta ɗayan gefen ma, kuma can ne ake yaudarar mutane. A ce wancan miliyan ɗin ƙanensa ya juya shi a kasuwa, ya dawo da miliyan 1 da rabi a wannan shekarar. Ribar baki kashi 50. Mai ɗebewa zai buga ƙirji ya ce ribar gaskiya kashi 14. Raba 1,500,000 da 34,000, buhu 44 ne da ɗan kaɗan, ƙarin kashi 10.3 kacal. Idan a kan 14 aka tsara abin da za a ci da abin da za a bari a jari, an fara cin uwar kuɗi ana zaton riba ake ci.

Haka nan mai tsara farashi. Wanda yake son dukiyarsa ta ƙaru da kashi 10 na gaskiya a shekarar da kaya suka tashi da 36, mai tarawa zai ce masa ya nemi 46. Ba za ta isa ba. Sai ya ninka 1.10 da 1.36, ya samu 1.496, wato kashi 49.6. Idan ya tsaya a 46, abin da zai shiga hannunsa kashi 7.4 ne. Ku lura ban keɓe maganar ga banki ba. Wanda yake gudun kuɗin ruwa saboda addini, lissafin nan nasa ne: ya shafi ribar shago, da kuɗin haya, da ƙarin albashi a Somayir, da bashin da ka ba ɗan'uwa ya maido maka bayan shekara biyu ba ƙari.

Na san hujjar masu ɗebewa. Za su ce sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, farashi ba ya yawan tashi, bambancin kuma ba ya da yawa. A shekarar kwanciyar hankali gaskiyarsu ne: riba 3.5, hauhawa 2, ɗebewa ta ba da 1.5, rabawa ta ba da 1.47. Ba wanda zai yi rigima a kan wannan. Amma wa ya yi wa Arlit alkawarin kwanciyar hankali? Mun ga yadda kaya suka yi tsada bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin takunkumi da rufe iyakar Benin. Garin da kusan duk abin da yake ci sai mota ta kawo shi daga nesa, bai kamata ya dogara da lissafin da ke aiki a shekarar sauƙi kaɗai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar wankan ɗebewa ita ce shekarar tsada.

Ga gwajin da zai tona asirinta. A ce farashi ya tashi da kashi 120, kuɗinka kuma suna ƙarƙashin katifa. Ɗebewa za ta ce ka yi hasarar kashi 120 cikin 100, wato fiye da duk abin da ka mallaka, alhali kuɗin na nan a hannunka suna iya sayen wani abu. Rabawa ta ce 1 a raba da 2.2, saura kashi 45 da ɗoriya na ƙarfinsu. Lissafin da ke iya haifar da amsar da ba ta yiwuwa, bai cancanci a ɗora masa kuɗin sallamar shekara ashirin a cikin rami ba.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Rabawa ma ba ta fi lambar da ka ba ta inganci ba. Alƙaluman hauhawar farashi na gwamnati matsakaici ne na kaya iri-iri, ba lalle su yi daidai da cefanen gidanka a Akokan ba. Ka rubuta farashin hatsi, shinkafa, mai da haya yau, ka sake rubutawa baɗi war haka, ka raba jimillar baɗi da ta bana. Wannan ita ce lambar da za ka sa a ƙasa. Duk wanda ya zo maka da labarin riba, miƙa masa wayarka ka ce ya raba a gabanka.