Wanka Kullum, Amma Warin Jiki Bai Tafi Ba

Idan kana wanka safe da yamma, amma kafin azahar ka ga na kusa da kai a sahu ko a mota yana kawar da kai, kada ka yi saurin yanke wa kanka hukuncin ƙazanta. A ganina yawancin masu wannan larura sun fi masu zundensu yawan wanka. Matsalar ita ce suna yaƙi da gumi, alhali gumi shi kaɗai ba ya wari.

Jikinka yana fitar da gumi iri biyu. Na farko shi ne wanda ke tsattsafowa a goshi da baya da tafin hannu idan rana ta take. Kusan dukkansa ruwa ne da ɗan gishiri. Na biyu yana fitowa ne daga wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira afokirin, waɗanda suka taru a hammata da matsematsi. Wannan gumin yana da kauri, yana ɗauke da maiƙo da furotin, kuma ba ya fara fita sai an balaga. Shi ya sa yaro ɗan shekara 6 zai wuni yana guje-guje ba ka ji tsamin hammatarsa ba. Shi ma wannan gumin ba shi da wari lokacin da ya fito. Bakteriyar da ke zaune a fatar kowane mutum ce ke cinye shi, abin da ta bari kuma shi ne warin. Sabulu yana rage yawanta, amma wadda ta maƙale a gindin gashi tana hayayyafa cikin 'yan sa'o'i. Kuma ba kowa ke ɗauke da iri ɗaya ba, don haka 'yan'uwa biyu za su yi wanka da sabulu ɗaya, ɗaya ya wuni lafiya, ɗaya ya tsamama.

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini kukansa. Yana wanka sau biyu, yana zuba turare har ya yi yawa, amma ɗalibai sun sa masa suna. Na ce ya ɗauko singiletin da aka wanke, ya ɗora dutsen guga a daidai hammatarta, ya sunsuna. Warin ya taso nan take. Singiletin ta yadin roba ce, irin wadda ke riƙe maiƙon jiki, wankin ruwan sanyi kuma ba ya fitar da shi duka. Da zafin jiki ya taɓa ta sai tsohon wari ya farka. Ya koma sa ta auduga, yana sauyawa kullum, yana shanya ta a rana har ta bushe ƙayau. Ya aske hammata, yana barin kumfar sabulu a wurin kamar minti biyu kafin ya ɗauraye, yana tsane wurin sosai. Maganin rage gumi kuwa da dare yake shafawa a busasshiyar fata, domin a lokacin ne yake samun damar toshe kafofin gumin. Turare ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. Haɗuwa kawai yake yi da tsamin, su haifi wani wari na uku. Haka mai hijabi ko rigar ciki ta roba za ta iya yin wannan gwajin.

Akwai kuma warin da wanka ba ya kaiwa gare shi, domin ta jini yake zuwa. Tafarnuwa da albasa suna da sinadarai masu sulfa da ke fita ta numfashi da fata, wani lokaci har washegari. Hulba ma tana bin gumi, masu shan ta sun sani. Kada ka yanke abinci barkatai: bar abu ɗaya na mako guda, ka nemi wanda ba zai ji nauyinka ba ya gaya maka gaskiya, tunda hanci yana sabawa da warin mai shi. Idan ƙarni irin na kifi kake yi, kuma yana ƙaruwa bayan cin kifi ko ƙwai ko hanta ko wake, akwai wata larurar gado da ba ta cika yawa ba, wadda hanta ke kasa sarrafa wani sinadari. Wannan ta likita ce.

Je asibiti kuma idan ka ga wani abu rawaya ya manne wa gashin hammatarka, ko fatar wurin ta sauya launi tana ɓarewa, domin alamun bakteriya ce ta yi yawa, kuma tana jin magani. Wanda warinsa ya sauya farat ɗaya, numfashinsa ya koma kamar nunannen 'ya'yan itace ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko jikinsa yana zarni ga kumburin ƙafa, a auna masa suga da ƙoda a ranar.