Bin Sawun Murya: Abin da Zai Gyara a Ingilishin Ɗaliban Tasawa da Mayahi

Tun da kundin tsarin mulkin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, tambayar yadda ake koyar da furucin Ingilishi ta wuce hirar malamai a gindin bishiya. Yaron Tasawa ko Mayahi yana fara karatun Ingilishi a kwaleji, bayan ya shekara shida ko fiye da Faransanci, ga kuma Hausar da ya sha a nono. Na koyar da irin waɗannan yara, na kuma ga wanda ke cinye jarrabawar nahawu amma idan aka kunna masa magana ta daƙiƙa talatin sai ya ce bai kama ko kalma ɗaya ba. Ra'ayina shi ne dabarar bin sawun murya ta cancanci minti goma a kowane darasi, amma da sharaɗin mu san ciwon da take warkarwa da wanda ba ta taɓawa.

Turawa sun raɗa wa dabarar sunan inuwa, domin mai yin ta yana bin mai magana kamar yadda inuwa ke bin mai tafiya. Ana kunna murya, ɗalibi ya riƙa faɗin abin da yake ji yayin da maganar ke ci gaba, yana baya da gaɓa biyu ko uku. Ba a ajin harshe aka haife ta ba. Colin Cherry ya yi amfani da ita a 1953 wajen nazarin yadda kunne ke zaɓar murya ɗaya cikin hayaniya, kuma a 1973 William Marslen-Wilson ya nuna cewa akwai mutanen da ke iya bin magana da tazarar rubu'in daƙiƙa kacal. Makarantun tafinta sun ɗauke ta, daga baya malaman Ingilishi a Japan, irin su Shuhei Kadota da Yo Hamada, suka yi ta bincike a kanta.

Wani zai ce ai mun daɗe muna yin haka, malam ya faɗa, aji ya amsa, kamar yadda ake biya wa almajiri allo. Akwai bambanci. A maimaitawa, malam yana yin shiru kafin ɗalibi ya buɗe baki. A cikin wannan ɗan shirun ɗalibi ya riga ya adana kalmomin, ya yar da amon, sannan ya sake gina jimlar da takun harshen da ya saba. A bin sawu ba a ba shi wannan sarari. Idan ya tsaya cika wasalin da mai magana ya haɗiye, murya za ta wuce ta bar shi, kuma shi da kansa zai ji an bar shi.

Mu ɗauki jimla ɗaya mu bi ta: "They wanted to go to the market on Monday." Gaɓoɓinta goma sha biyu ne, amma huɗu kawai ke ɗauke da matsin murya, wato "wan", "go", "mar" da "Mon". Sauran takwas ɗin gajeru ne, kuma wasalin "to" da na "the" ya raunana har ya koma wani ɗan sauti na tsakiyar baki wanda babu harafinsa a rubutu. Idan ka buga tebur a kan gaɓoɓin nan huɗu, za ka ji tsakanin kowane bugu da na gaba akwai ƙananan gaɓoɓi biyu da ake tsallakewa da sauri.

Ɗalibinmu yana zuwa wa wannan jimla da gado biyu. Daga Hausa ya gaji cewa kowace gaɓa tana da nata karin sauti, na sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, kuma karin na kalma ne. Da shi ake raba kukan yaro da kukar miya, don haka ba abu ne da mai magana ke ɗagawa daga nan ya kai can yadda ya ga dama ba. Tsawon wasali ma yana raba ma'ana, shi ya sa Bahaushe ba ya wasa da wasali. Idan ya ari kalma ma ƙara mata yake yi, kamar yadda ya yi wa burodi da direba. Daga Faransanci kuma ya gaji tsawaita gaɓar ƙarshe ta kowane rukunin kalmomi. Sakamakon haɗuwar biyun shi ne bugu goma sha biyu masu kusan nauyi ɗaya, da matsi a kan "ket" da "day". Kowane baƙi da wasali na iya fita daidai, amma mai saurare ya sha wahala kafin ya gane.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma ba zan kauce mata ba. Rabon harsuna gida biyu da Kenneth Pike ya yi a 1945, masu taku bisa matsi da masu taku bisa gaɓa, bai tsaya daram ba da aka auna shi da na'ura: Peter Roach a 1982 bai sami daidaiton tazarar da ake zato ba. Ban da haka, Jennifer Jenkins a littafinta na 2000 ta nuna cewa tsakanin waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, raunana wasali ba ya cikin abubuwan da fahimta ta dogara a kansu. Yaron Tasawa kuwa ya fi kusa da yin Ingilishi da ɗan kasuwar Katsina ko malamin jami'ar Zariya fiye da mutumin Landan. To, me ya sa za a wahalar da shi?

Amsata kashi biyu ce. Na farko, ko da bakinsa ba ya bukatar raunana wasali, kunnensa yana bukata, domin lacca da rediyo da jarrabawar saurare cike suke da shi, kuma wanda bai taɓa furta "to the" a dunƙule ba da wuya ya gane shi idan ya wuce da gudu. Na biyu, Jenkins ɗin nan ta sa babban matsin jimla cikin abubuwan da ba a sassauci a kansu. Idan Bahaushe zai jaddada rana, sai ya ce "Ran Litinin ne suka so zuwa kasuwa": ya kawo kalmar gaba, ya ƙara "ne", ya mai da "sun" ta zama "suka". Bafaranshe ma ginin jimla yake sauyawa. Mai Ingilishi yana iya barin kalmomi a inda suke, ya ɗora faɗuwar murya a kan "Mon" idan rana ake gardama, ko a kan "mar" idan wuri ne, ko a kan "They" idan mutanen ne. Harsunan ɗalibinmu biyu ba su horar da shi a kan wannan ba, kuma kuskure a nan yana juya ma'ana.

Ga yadda nake ganin ya kamata minti goman su tafi. A zaɓi magana ta daƙiƙa ashirin zuwa talatin, murya ɗaya, babu kiɗa a bayanta, a raba ta daga waya zuwa waya tun da ba kowane gari ke da intanet mai ƙarfi ba. A saurare ta sau biyu, a tabbatar an fahimci ma'anarta, domin bin abin da ba a gane ba aikin aku ne. Sannan a bi ta da guɗa a hanci, ba kalma ko ɗaya, kamar yadda kalangu ke faɗin magana da hawa da sauka kawai, hannu yana buga tebur a kan gaɓoɓi masu matsi. Bayan haka ne za a duba rubutu sau ɗaya, a ja layi ƙarƙashin wuraren bugun, a kife takardar. Kife ta wajibi ne, domin idon da ya koyi karatu da Faransanci zai mayar da baki ga tsohon halinsa. Sai a bi da cikakkiyar murya sau biyar ko shida. Gara a riƙe guntu ɗaya mako guda da a sauya kullum.

Hanyoyin lalacewarta sanannu ne. Aji mai yara sittin idan ya ɗauka baki ɗaya, sai ya ja maganar ya ba ta takun waƙar makaranta, ya danne muryar da ake bi. Maganin shi ne layi ɗaya ya bi, sauran su buga tebur su saurara. Akwai kuma mai gunguni, wanda ke tafiya daidai da murya amma ya zubar da ƙarshen kalmomi, "wanted" ta rasa wutsiyarta. Wannan alama ce cewa guntun ya fi ƙarfinsa, a rage masa tsawo. Rage saurin murya da yawa ma tarko ne, kuma malamin da ke karantawa a hankali don tausayi yakan cika wasulan da ake son a raunana, ya koyar da abin da ya zo gyarawa.

Ana gane ci gaba ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Ɗalibi ya naɗi muryarsa ranar Litinin, ya sake ranar Juma'a, ba tare da muryar da yake bi ba. A auna tsawon jimlar da agogon waya a gwada da na asali, sannan a ba wani da bai ga rubutun ba ya ƙirga bugu nawa ya ji. Idan ya ji huɗu, an samu. Idan ya ji goma sha biyu, da sauran aiki. Gwaji na ƙarshe shi ne a yi masa tambayoyi uku, su wa, ina, yaushe, ya amsa da jimlar nan ɗaya yana matsar da matsin. Wanda ya iya bin murya amma ya kasa wannan, kwaikwayo ya koya, bai mallaki abin ba tukuna.

Iyakar dabarar a fili take. Ba za ta raba wa yaro sautin farkon "pan" da na "fan" ba, balle a yankin da ake cewa "hwari" a maimakon "fari". Wannan yana bukatar a nuna masa inda leɓe da haƙori ke haɗuwa. Ba ta kuma koyar da ƙirƙirar jimla.

Abin da ya rage namu ne, ɗaliban kimiyyar harshe. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙera a Amsterdam, kyauta ce, tana auna tsawon wasali da hawa da saukar murya. Ɗalibi ɗan Mayahi ko Tasawa da zai koma gida hutu yana iya naɗar yara ashirin kafin bin sawu na mako huɗu da bayansa, ya bar wasu ashirin a kan maimaitawar da aka saba, ya auna tsawon wasalin "to" a kan na "go" a kowane rukuni. Idan tazarar ta buɗe a rukunin farko kaɗai, ra'ayina ya sami ƙafa. Idan ba ta buɗe ba, ina son in karanta hakan a wannan mujalla.