Kwali ko Sana'a: Inda Kawu Ya Yi Gaskiya, da Inda Ya Taƙaita

Tsakanin fitowar sakamakon jarrabawar sakandare da buɗe makarantu, gidaje da dama kan shiga mahawara ɗaya: yaron da bai samu gurbin jami'a ba, a nema masa difloma ne, ko a kai shi koyon sana'a? Wata wasiƙa da wani kawu, tsohon ma'aikacin gwamnati a Kaduna, ya rubuta wa ɗan ƙanwarsa ta ɗauki ɓangare ba tare da kwana-kwana ba. Yaron ya samu gurbin difloma a fannin gudanar da mulki, kawun kuma ya ce ya ajiye shi, ya je ya koyi wayarin da haɗa sola. Shawarar daidai ce ga wannan yaro da wannan difloma, sai dai tana da sharuɗɗa biyu da wasiƙar ba ta ba su haƙƙinsu ba.

Hujjar kawun ta farko lissafin shekaru ce. "Ɗana," in ji shi, "kafin ka biya kuɗin rajista, tambayi kanka ƙofar da wannan takarda za ta buɗe maka." Tambayar tana da amsa sananniya. Ƙaramar difloma ta ƙasa shekara biyu ce, kuma ba ta kai mai ita ga yi wa ƙasa hidima. Wanda ke son babbar difloma sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu biyu a aji, wato biyar ke nan kafin shekarar hidima. Bayan wannan tafiya ma akwai tsohon bambancin da ke tsakanin babbar difloma da digiri a aikin gwamnati. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Difloma a gudanar da mulki kuwa an tsara ta ne domin teburin ofis, kuma masu digiri na layi a gaban wannan teburin.

Akwai kuma tarkon da iyaye ba su cika lura da shi ba. Ba kowace takarda mai suna difloma ce ta ƙasa ba. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke tantance kwasa-kwasan kwalejojin kimiyya da fasaha, kuma kwas-kwas take tantancewa, ba makaranta gaba ɗaya kawai ba. Kwas ɗin da bai samu amincewarta ba na iya cinye wa yaro shekara biyu, ya fito da kwalin da ba ya kai shi babbar difloma.

Hujja ta biyu kasuwa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, janareta ya zama nauyi, mai kanti da mai kemis da mai sayar da ruwan sanyi suka koma neman farantin sola. Wannan aiki ba ya jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata. Yaron da ke bin maigida wajen aiki kan fara samun na sabulu tun yana riƙe tsani, kuma yana koyon abin da aji ba ya koyarwa: yadda ake yanka farashi, inda ake sayen waya mai tagulla ta gaske, da yadda ake lallashin wanda batirinsa ya mutu.

A nan ne kawun ya taƙaita. Wasiƙar ta ɗauka cewa duk wanda ya daɗe a shago zai ƙware, alhali yaro ba ya wuce sanin maigidansa sai da wani ƙoƙari na daban. Misali ɗaya ya isa. Mai kanti yana son wuta ta kwana masa da firiza mai wat 150, da fanka mai wat 75, da ƙwan fitila huɗu masu wat 10. Firizar za ta yi aiki kamar awa shida cikin dare, wato 900. Fankar awa takwas, 600. Fitilun awa shida, 240. Jimilla wat-awa 1,740, idan kuma aka haɗa da abin da inbata ke zubarwa sai a kusanci 2,000. Batir mai bol 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, don haka mai aiki da ƙiyasin ido zai ce ɗaya ya wadatar. Amma batirin ruwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, saboda haka abin da za a ci cikin aminci 1,200 ne kacal, biyu ake buƙata. Idan aka sa ɗaya, alamar ba ta ɓuya: inbata za ta soma kuka kafin asuba, sannan cikin watanni batirin ya daina riƙe caji, mai kanti ya ɗora laifin a kan ɗan kasuwar da ya sayar masa.

Wannan lissafi na ninkawa da rabawa ne kawai, wanda ya gama sakandare zai iya shi. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne zaɓen maigida. Wanda ya cancanci a damƙa masa yaro shi ne mai tambayar kayan da za a kunna da awanninsu kafin ya faɗi farashi, mai auna batir da mita, mai sa fiyus tsakanin batir da inbata, mai iya bayyana dalilin da ya sa siririyar waya ke zafi. Kamata ya yi kuma manya su zauna da shi gaban shaidu a yanke tsawon koyo da lokacin yaye, domin babbar cutar koyon sana'a ita ce yaro ya shekara uku yana sayo abinci da ɗaukar kaya, ba a taɓa barinsa ya haɗa waya ba.

Sharaɗi na biyu takarda ce, wadda kawun ya raina fiye da kima. Mai gida ɗaya ba zai nemi shaida ba, amma asibiti ko kamfani ko kwangilar gwamnati za su nema. Hanyoyin suna nan: gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, da jarrabawar NABTEB, da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da ke ƙarƙashin NBTE, wanda ke auna abin da mutum ya iya da hannunsa ko da a shago ya koya. Da irin wannan tsari ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi aiki da masu sana'ar kasuwar Panteka.

Masu adawa za su ce ilimi ba don albashi kaɗai ake nemansa ba, kuma sun yi gaskiya. Da gurbin yaron na injiniyan lantarki ne a kwas da aka tantance, mai ɗakin gwaji da ke aiki, da hukuncin ya sauya: sai ya karɓa, ya riƙa zuwa shago a ƙarshen mako. Amma zaɓin da ke gabansa ba shi ne wannan ba. Difloma za ta jira shi, domin akwai ta yamma da ta ƙarshen mako, kuma mai sana'a na iya biya wa kansa. Haƙurin zama yaron shago kuwa da ƙuruciya ake yin sa. Da wuya ɗan shekara ashirin da biyar mai kwali a hannu ya yarda a aike shi sayo ƙusa.