Kunne ma yana da kason mako, kamar data

Na san da yawanku kuna karanta wannan shafi da iyafis maƙale a kunne. Ba zan ce ku cire ba, don ni ma nawa yana aljihu. Abin da nake so mu tattauna shi ne wurin da muke saka shi, da irin ƙarar da wurin yake tilasta mana mu saka.

Ni ɗan Kusada ne. A dogon hutun da ya wuce na zauna wa yayana a shagonsa na cajin waya da ke Kankia, kusa da titin Kano zuwa Katsina. Duk wanda ya san shagon caji ya san janareta ne ransa. Namu yana bakin ƙofa, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ga motoci, ga 'yan acaba, ga mai niƙa can gefe. Ni kuwa na samu wutar banza, sai na mayar da wurin gidan kallo: fim a YouTube, waƙa a Audiomack, sharhin ƙwallo, wani lokaci karatu. Don in ji abin da ake faɗa a kan ƙugin injin, sai in yi ta danna maɓallin ƙara. Wayar takan fito da gargaɗi cewa sauraro da ƙarfi na dogon lokaci yana iya lalata ji. Nakan danna OK ko karantawa ban yi ba, kamar yadda kowa yake yi.

Bayan kamar mako uku, na koma Kusada ranar wata Juma'a. Da dare garin ya yi tsit, sai na fara jin wani siririn sauti, tiiii, kamar kukan gyare amma ba ya yankewa. Na fito tsakar gida ina neman inda yake. Na toshe kunnuwa da yatsu, sai ya ƙaru. A nan na gane a cikin kaina yake. Washegari Inna ta yi mini magana daga madafi har sau uku. Da ta fito sai ta ce, "Kai wai kurma ka zama ne, ko raini ne?" Na ce, "Wallahi Inna ban ji ba." Ta ce, "To wannan igiyar da kake cusawa a kunne ita za ta ƙarasa ka."

Da muka dawo makaranta na je asibiti. Likita ya haska kunnen, ya ce babu datti, babu ruwa, fatar gangar kunnen lafiya lau. Matsalar tana can ciki, inda fitilarsa ba ta kaiwa. A cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cikinsa da ƙananan ƙwayoyi masu gashi, kimanin dubu goma sha biyar a kowane kunne. Su ne suke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar ciyawar da aka taka. In an taka sau ɗaya, ta miƙe. In kullum ana bi ta kanta, sai wurin ya zama hanya. Bambancin kawai shi ne ciyawa tana sake fitowa da damina, waɗannan kuwa in sun mutu ba sa dawowa, kuma har yau babu maganin da yake tsiro da su.

Daga nan na shiga neman lissafin abin, kuma shi ne nake ganin ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da hukumar sadarwa ta duniya, sun fitar da ƙa'ida a 2019 cewa babban mutum zai iya sauraron sauti mai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. Wannan shi ne kasonka na mako, kamar datar da ka saya. Inda gizo yake saƙa shi ne, duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin gida biyu. A 83 kana da awa 20. A 86, awa 10. A 89, awa biyar. A 92, awa biyu da rabi. In ka kai 100, kasonka na mako guda bai cika minti 25 ba. Wayoyi da yawa kuwa, in an ƙure su da iyafis, suna kaiwa 100 har su wuce.

Bari in yi lissafin kaina. A shagon nan ina saurare kamar awa shida a rana, kwana shida a mako, awa 36 ke nan. Ban auna ƙarar ba a lokacin, amma tunda na wuce layin gargaɗin wayar da nisa, mu ɗauka ina kan 92. Kasona awa biyu da rabi ne, na ci 36. Wato kowane mako ina cin kason mako goma sha huɗu da ɗoriya. Kafin azahar ta ranar farko na gama da na makon gaba ɗaya. Amma ku lura da ɗaya gefen: da a ce a kan 80 nake, waɗannan awa 36 ɗin ba su ma cika kason ba. Ashe yawan awa ba shi ne babban laifina ba. Ƙarar ce.

To me ya sa na ƙure? Ba don ina son ƙara ba. A ɗakina na Kusada da dare, layi huɗu ko biyar ya ishe ni. Janareta ne ya zaɓa mini. Kunne ba ya jin waƙa sai ta hau saman hayaniyar da ke kewaye, don haka duk inda wuri ya yi ƙara, yatsanka zai tafi maɓallin da kansa. Shi ya sa ra'ayina yake a nan: wurin da ya fi kowane haɗari ga mai iyafis shi ne wurin da muka fi sha'awar saka shi. Cikin motar haya daga Kankia zuwa Katsina da gilashi a buɗe, kusa da janaretan hostal, cikin wokshop ana yankan ƙarfe. Muna saka shi don mu guje wa hayaniya, alhali hayaniyar tana nan, mun ɗora mata wata ce a kai.

Akwai kuma dabarar saka kunne ɗaya, wai don a ji in an kira. Ɗayan kunnen yana kwasar hayaniyar waje, sai ka ƙara murya don ka ji da kyau, kunne ɗaya ya ɗauki nauyin duka. Haka masu kwana da shi saboda datar dare mai araha. Barci ba ya rufe kunne. In abin ya ci gaba da kunna kansa har asuba, awannin nan duk suna cikin lissafi.

Wani zai ce, "Malam, mu shida ne a ɗaki, wannan yana waya, wancan yana musun ƙwallo. In ban toshe kunne ba ta ina zan yi karatu? Iyafis mai kashe hayaniya kuma kuɗinsa ya fi kuɗin abincina na wata." Gaskiya ne, ni ma a irin ɗakin nake. Amma toshe hayaniya daban, rufe ta da ƙara daban. Iyafis mai robar baki, wanda yake cika ramin kunne, yana rage hayaniyar waje tun kafin ka kunna komai, kuma kuɗinsa bai yi nisa da na mai busasshen kai ba. Ka gwada robobin da suka zo da shi, ka zaɓi wadda in ka saka za ka ji muryoyin ɗakin sun ja baya. Sai dai kada ka saka irinsa kana tafiya a bakin titi ko kana kan babur, don tirela ba ta san kana jin waƙa ba.

Ga abin da nake yi yanzu. Ina saita ƙarar a wuri mai shiru, ba na wuce kashi 60 cikin ɗari, wato in layin wayarka goma sha biyar ne, ka tsaya a tara. In na shiga hayaniya na kasa ji a haka, ba na ƙarawa, ina dakatar da abin ne har in fita. Gargaɗin nan in ya fito, na san na iso iyaka. Masu iPhone su shiga Settings, sai Sounds & Haptics, sai Headphone Safety, su saka iyaka a 80. Masu Samsung suna da Media volume limit a ƙarƙashin Volume. Kashi 60 ɗin nan ma ƙiyasi ne, domin wani iyafis ya fi wani ƙarfi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne: in abokinka yana tsaye kamu ɗaya daga gare ka, ya yi magana da muryarsa ta kullum ba ka ji ba, ka yi yawa. Bayan kowace awa kuma ina cirewa na ɗan lokaci.

Alamomin ba sa zuwa da ciwo, shi ya sa muke raina su. In ka cire iyafis ka ji duniya ta dushe kamar an cusa maka auduga, ko ka ji ƙara a ciki, kunnen ne yake gaya maka an taka shi. Siraran sautuka ne suke fara tafiya, irin su s da f da sh. Sai ka riƙa jin muryar malami amma kalmomin suna cakuɗewa, musamman in aji ya cika. In ƙarar ta wuce kwana biyu ba ta tafi ba, ka je asibiti ka nemi a auna jinka. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa in abin ya yi tsanani. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na ranar ne, ba a jira.

Ina da roƙo ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. Ranar 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya. A gayyato masu auna ji su zo cikin makaranta ko da na wuni ɗaya ne. A kuma rage ƙarar sifikun da ake girkewa a tarukanmu, domin kason kunne ɗaya ne, ba ruwansa da ta ina ƙarar ta shigo.

Nawa sautin ya ragu sosai, da rana ba na jin sa. Amma duk daren da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, yana nan yana jirana. Shekarata ashirin da biyu, kuma na fara sabawa da cewa wataƙila tare za mu tsufa. Kai da har yanzu darenka yake shiru, ka duba layin ƙarar wayarka yau kafin ka kwanta.