Waiwaye: Farin Zare a Ruwan Albasa

A shekarar 1869 Friedrich Miescher ya fara ware sinadarin gado, wato DNA, a garin Tübingen na Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata. Tsirrai sun fi ba masana wahala, domin ƙwayar halittarsu tana da bango mai tauri, ga kuma yauƙi. Sai a 1980 Murray da Thompson suka fito da hanyar amfani da sabulun CTAB, Doyle da Doyle suka sauƙaƙa ta a 1987.

Lokacin da muke koya wa ɗalibai wannan aiki, da albasa muke farawa. Za a yayyanka guda ɗaya, a zuba mata ruwa mililita 100 mai ɗauke da gishiri giram 3 da sabulun wanke kwanuka mililita 10. A ɗora a zafin digiri 60 na minti 15, a sanyaya cikin ƙanƙara, a markaɗa na daƙiƙa biyar, a tace, sannan a tsiyaya itanol a kan ruwan da aka tace. Idan markaɗen ya yi yawa, zaren DNA zai gutsuttsure.

Markaɗe ne ke fasa bango, sabulu ba ya iya wannan. Aikin sabulu shi ne narkar da tantanin maiƙo da ya lulluɓe ƙwayar halitta da cibiyarta, kamar yadda yake cire maiƙo a jikin tukunya, sai DNA ya fito cikin ruwa. Amma zarurrukansa suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna ture juna. Sodiyam na gishiri ne ke rufe wannan caji har su iya haɗuwa. Shi kuwa itanol, DNA mai gishiri ba ya narkewa a cikinsa. Idan aka tsiyaya mai sanyi ƙarara a hankali ta gefen kwalba, sai farin zare ya taso daidai inda ruwan biyu suka haɗu.

A nan ɗalibai kan yi murna da wuri, alhali zaren yana tare da furotin da RNA. Idan aka sauya albasa da ganyen kuɓewa, sai a sami dunƙule mai santsi, domin itanol yana fitar da yauƙi tare da DNA. Alamarsa ita ce yana kumbura a ruwa ya ƙi narkewa, yana kuma hana gwajin PCR tafiya. Shi ya sa hanyar CTAB take zuba gishiri kusan giram 82 a lita, maimakon 30 namu, don a rage yauƙin da ke bin DNA, sannan a janye furotin da kulorofom.

Wanda ya haddace matakai kawai, ranar da aka sauya masa ganye ya rasa tudun dafawa. Malamai, kafin ɗalibi ya taɓa kwalba, ku sa ya faɗi aikin sabulu da na gishiri da na itanol, ɗaya bayan ɗaya.