“Allah ya sa albarka” addu'a ce, ba amsa ba

Akwai wata ɗabi'a tamu ta ƴan jami'a da nake so mu yi faɗa a kanta. Mutum ya samo dabarar ƴar sana'a, ya kwana uku yana juya ta a kai, sai ya zo fada ana shayi, fuska cike da fara'a, ya zuba labari na minti ashirin, ya rufe da “ya kuka gani, ba ta yi ba?” Kowa ya ce “walle ta yi, Allah ya sa albarka.” Ya tashi yana cewa ya yi shawara. Ni kuwa na ce bai yi ba, kirari ya je nema, kuma ya samu.

Kada mu ɗora wa abokan laifi. A wurinmu, wanda ya ce da ɗan uwansa “sana'ar nan ba za ta tafi ba” ya ɗauko wa kansa kaya biyu. In ta tafi, a ce da ma hassada ce. In ta faɗi, a ce bakinsa ne ya kama. Wa zai sayi wannan rigima saboda jarin da ba nasa ba? Addu'a kuwa kyauta ce, ba ta ɓata zumunci. Saboda haka aikin na mai tambaya ne: shi zai gina tambayar da aboki zai iya amsawa da gaskiya ba tare da ya zama mugu ba.

Bari in kawo lissafin wata ƴar ajinmu a nan Maradi, don ta nuna mini kayenta kuma ta yarda in rubuta. Tana so ta riƙa ƙulla zoɓo mai sanyi a leda tana sayarwa ɗalibai, leda ɗaya dala goma, wato sefa 50. A shafin farko ta rubuta leda 100 a rana, kuɗi 5.000. Kayan haɗi, wato zoɓo, sukari, citta, na'ana'a da ledar ƙulli, ta sa musu 2.500. Riba 2.500 a rana, a wata 75.000. Duk wadda ta ga wannan 75.000 ɗin sai ta ce ma sha Allahu. To mi za ta ce? An riga an ja wa lambar layi biyu da jan bik.

Da ta je wurin ƙawarta da uwarta ke sayar da kayan sanyi a kasuwa, ba ta nuna mata wannan shafi ba. Ta kwafe jerin abubuwan da za ta kashe wa kuɗi kaɗai, ta miƙa mata, ta ce: “Ƙawata, mi na manta a nan?” Ku duba bambancin. “Ya kika gani?” tana neman hukunci a kan mutum. “Mi na manta?” aiki ne aka ba aboki, kuma in ya samo kuskure, taimako ya yi, ba zagi ba. Kunya ba ta da wurin shiga.

Nan take ƙawar ta ce ina ƙanƙara? Ba firigo a ɗaki, dole a sayi ta 500 kullum a zuba a galasiya. Ina kabu-kabu, zuwa da dawowa da kaya? Wata 500. Kashewar rana ta tashi daga 2.500 zuwa 3.500. Ma'anar wannan ita ce sai an sayar da leda 70 kafin a ga dala ɗaya ta riba. Daga nan ta yi tambaya ta biyu: “A wurin mama, in an ƙulla ɗari, nawa ke dawowa?” Ƙawar ta ce ranar da ba kasuwa, ashirin na iya kwantai, kuma zoɓon da ya wuni ya huce ya kwana ba firigo yakan yi tsami, ba ya sayuwa gobe. Ta ƙara da abin da kowa ya sani amma ba mai rubutawa: ƴan ɗaki za su sha biyar da “zan ba ki in burs ya fito.” Saura leda 75 da aka biya, kuɗi 3.750. A cire 3.500. Ribar wannan rana 250 ce, ba 2.500 ba.

Kuma wata ba kwana talatin ba ne a wannan sana'a. Asabar da Lahadi ba kowa a aji. Abin da ake wawaso a zafin Afrilu da Mayu, a sanyin Disamba da Janairu ba mai kallonsa. Da azumi cinikin rana ya mutu, ya koma dab da shan ruwa, lokacin da kowane gida ya haɗa nasa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa daga bakin wanda aka tambaya “ba ta yi ba?”

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tambayar nan ta “za ka saya?” Kowa zai saya a baki. Ni kaina zan sayi mota a baki. Gobe ba ta cin kuɗin kowa, shi ya sa alkawarinta ke da arha. Tambayi jiya: “Jiya da rana, mi ka sha? A ina ka saya? Nawa ka biya? Mi ya sa can ka je?” In aboki ya ce ruwan leda ya sha na dala biyar don shi ke nan abin da ke aljihunsa, ya gaya maka abokin gasarka na gaskiya, kuma bai san ma ya soki dabararka ba. In kana so ka ƙure magana, ce masa: “Kawo dala ɗari yanzu, in kawo maka leda goma cikin sati.” Wanda ya laluba aljihu ya amsa. Wanda ya ce “bari ka fara tukuna” shi ma ya amsa.

Na san abin da wasu za su ce: irin wannan bin diddigi yana kashe zuciya, mu da aikin gwamnati bai jiranmu, gara a ƙarfafa wa mutum gwiwa. Ban yarda ba. Wanda ya karya jarin da yayarsa ta ɗauko masa daga adashi cikin sati uku, shi ne zuciyarsa ke mutuwa, kuma masu “ta yi” ba za su biya ko dala ba. Wasu kuma za su ce in ka buɗe lissafi za a sace dabarar. Zoɓo? Wace unguwa ce ba a ƙulla shi?

Sai dai a zaɓi wanda za a tambaya. Ba wanda ya fi son ka ba, wanda ya taɓa zama bakin tebur har yamma kaya ba su ƙare ba. In kana da taubashi ko abokin wasa da ya san ciniki, ka yi sa'a, don al'ada ta ba shi lasisin faɗa maka abin da wani ba zai iya ba, ku yi dariya ku wuce. Kuma a keɓe, ba a tsakiyar fada ba, inda kowa ke tsaron fuskarka gaban mutane.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko yabo ka je nema. Da aboki ya kawo matsala ta farko, mi ya fito daga bakinka? In “ai na riga na yi tunanin wannan” ne, ka rufe ƙofa, ba zai kawo ta biyu ba, zai koma addu'a. Ƴar ajinmu ba ta yi gardama ba, rubutu ta yi ta yi, tana cewa “sai kuma mi?” Daga baya ta bar maganar leda ɗari. Ta sayi kayan leda arba'in, ta roƙi wata maƙwabciya mai firigo kusa da makaranta ta riƙa daskarar mata a kan 200 a rana, abin da ya cire mata ƙanƙara da kabu-kabu gaba ɗaya. Kashewarta ta koma 1.200, sai ta sayar da leda 24 ta mai da kuɗinta. Ta ce za ta gwada kwana goma, tana rubuta abin da ya yi kwantai kowace yamma, bashi kuma ba ta bayarwa ko ga ƙawar da ta yi mata lissafin.